Daga Hirar WhatsApp Zuwa Takardar Ofis

A zauren WhatsApp na ma'aikata, wani kan rubuta: "Slm, mitin gb da safe, kowa ya zo da rahoto, kar a yi lattin nan fa." Abokan aiki sun gane, domin sun san inda aka kwana. Amma takardar ofis fayil take shiga, kuma mai karanta ta bayan wata shida bai san wace rana ce "gb" ba.

Saboda haka gyaran farko shi ne cike kalmomin da aka gutsure. "Slm" ta koma "Assalamu alaikum", "gb" kuwa a sauya ta da ranar kanta da kwanan wata. Sannan a fayyace abin da aka bari a dunƙule: ƙarfe nawa, a ina, wane rahoto? A ƙarshe a cire kalaman raha da gatse.

Ga yadda saƙon zai koma: "Ana sanar da ma'aikatan sashen kuɗi cewa za a yi taro ranar Talata, 5 ga wata, da ƙarfe 9 na safe a ɗakin taro. Kowa ya zo da rahoton kashe kuɗi na watan da ya gabata. A kiyaye lokaci."

Kafin ka sa hannu, ba wa wanda ba ya cikin zauren ya karanta. Duk inda ya yi tambaya, akwai sauran gyara a wurin.