Yadda ake mayar da tatsuniyar kunkuru da kaza katun na minti ɗaya

Katun na minti ɗaya yana ɗauke da hotuna 1,440, domin a al'adar fim ana nuna hoto 24 a kowane sakan. Yawancin masu zanen hannu kan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, sai aikin ya dawo zane 720. Wannan lissafi ne ke yanke wa marubuci abin da zai ɗauka daga tatsuniya da abin da zai bari. Mai tatsuniya da dare yana da damar buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ya yi waƙa, ya maimaita, ya kauce ya dawo. Mai katun kuwa sakan 60 kawai gare shi, kuma a ƙa'idar da masu fim suka saba da ita, shafi ɗaya na rubutu shi ne kimanin minti ɗaya a allo.

A ɗauki gajeren labari irin wannan. Kunkuru ya sami ƙwarya cike da tsaba a bayan rumbu. Kaza ta zo ta fi shi sauri, ta hana shi ko ƙwaya ɗaya. Sai ga shaho a sama. Kunkuru ya shige ƙoƙon bayansa, kaza ta rasa mafaka, ta kifar da ƙwaryar ta ɓuya a ciki, tsabar ta zube a gaban kunkuru ya ci ya ƙoshi. Labarin ya dace da minti ɗaya saboda 'yan wasansa biyu ne, wurinsa ɗaya ne, kuma abu ɗaya ake rikici a kai. Shahon ma ba sai an zana shi ba, inuwarsa a ƙasa ta wadatar.

Aikin farko shi ne a mayar da kowace jimla abin da ido zai gani. Baki yana iya cewa kaza mai haɗama ce a wuce wurin, amma takardar katun ba ta karɓar irin wannan jimla, domin mai zane bai san abin da zai zana da ita ba. Sai a rubuta: kunkuru ya miƙa wuya sannu a hankali zuwa ga ƙwayar gero, bakinsa a buɗe, saura kaɗan ya kai, kaza ta caka ta ɗauke, bakinsa ya rufe a kan iska. Haɗamar ta bayyana ba tare da an ambace ta ba. Tom da Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, a kan haka ya rayu, shi ya sa yaron da bai ji Turanci ba yake dariyarsa daidai da wanda ya ji.

Bayan haka sai rabon lokaci. Sakan 6 na farko na nuna wurin ne: rumbu, ƙwarya, da kunkuru yana tahowa. Daga sakan 6 zuwa 26 rikicin tsaba. Daga nan zuwa 34 kaza ta ja ƙwaryar gefe tana ci tana kumbura. Daga 34 zuwa 46 inuwar shaho da ruɗewar kaza, sai ragowar sakan 14 na kifar da ƙwarya da rufewa.

Waɗannan sakan 20 na rikicin tsaba su ne zuciyar fim ɗin, kuma a nan ake amfani da tsohuwar dabarar sau uku. Karo na farko yana koya wa mai kallo abin da ke faruwa, don haka ana ba shi sakan 8 cur: wuyan kunkuru na tafiya, ƙwayar na jira, kaza ta ɗauke. Karo na biyu abu ɗaya ne, amma a sakan 5, domin mai kallo ya riga ya gane, yanzu jira yake a sake. A karo na uku ake karya abin da ya saba. Ƙwayar ta gangara ta hau bayan kunkuru, kaza ta ja kai baya ta caka da dukkan ƙarfinta, bakinta ya daki ƙoƙo ya lanƙwashe, girgizar ta bi jikinta daga baki har jela. Da an tsaya a sau biyu, da mai kallo bai saba ba balle a ba shi mamaki. Da an kai sau huɗu, da ya gaji, kuma an ci lokacin shaho.

Ita kanta cakar kashi uku ce, kuma marubucin da ya san aikinsa yakan rubuta su daban daban. Akwai shiri, inda kaza ke jan kai baya na kimanin hoto 8, wato sulusin sakan. Akwai bugun kansa, wanda bai wuce hoto 2 ko 3 ba. Sannan akwai tsayawa, inda kaza ke daskarewa da lanƙwasasshen baki na sakan guda ko fiye, idonta na kallon bakin. Shiri yana cikin ƙa'idojin motsi 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston, masu zanen kamfanin Disney, suka tattara a littafinsu na 1981. Amfaninsa shi ne ya kai idon mai kallo wurin da abu zai faru kafin ya faru. Tsayawar kuwa ita ce ke ba dariya wurin fita, kuma ita ce masu koyo suka fi yankewa idan lokaci ya matse su. Kuskure ne babba. Gara a cire wani abin dariya ɗungurungum da a haɗa biyar a guje babu wanda aka bari ya sauka.

Bambancin tafiyar dabbobin biyu yana sauƙaƙa aikin zane. Kan kaza a zahiri tsayawa yake yi cak sannan ya zabura gaba, don haka zane kaɗan masu tsalle daga wannan zuwa wancan sun ishe ta. Kunkuru kuma jikinsa zane ɗaya ne da ba ya canzawa, wuya da ƙafafu da fatar ido kawai ke motsi. Sai dai motsin da ke tafiya a hankali ya fi cin zane, domin kowane ɗan matsawa sai an cike tsakaninsa, in ba haka ba wuyan zai riƙa karkarwa a allo.

Ɓangaren shaho yana buƙatar abin da aka shuka tun farko. Idan ana son kaza ta ɓuya a ƙwarya a sakan 46, dole mai kallo ya ga girman ƙwaryar tun a sakan 6. Inuwa ta gifta, kunkuru ya shige ciki cikin hoto 3 kacal, shi da ya ɗauki sakan 8 yana miƙa wuya, wannan ma abin dariya ne. Kaza ta yi dama, ta yi hagu, ta ƙwanƙwasa bayan kunkuru kamar mai sallama a ƙofar gida, shiru. Ta kifa ƙwaryar a kanta, tsaba ta watse. A hoton ƙarshe ana ganin ƙoƙo biyu a jere. Ɗaya ya fito da kai yana tauna, ɗayan yana jan jiki da siraran ƙafafun kaza, yana karo da rumbu.

Kafin a fara zanen gaske, akan zana manyan hotunan labarin a takarda, kamar 20 zuwa 30, a ɗauke su a jera a manhaja irin Blender ko FlipaClip ta waya, kowanne da adadin sakan ɗinsa. Ana kallon wannan gwaji ba tare da sauti ba, tare da wanda bai san labarin ba. Idan ya tambayi dalilin da ya sa kaza ta gudu, to inuwar shahon ta yi ƙanƙanta ko ta wuce da sauri. Idan bai yi dariya a caka ta uku ba, sai a duba tsawon shiri da na tsayawa kafin a zargi labarin. Sauti yana zuwa ne a ƙarshe, bayan an gama daidaita lokaci: kalangu mai gaggawa ga kaza, bugun ganga ɗaya ɗaya ga takun kunkuru, da ƙarar taɓarya a turmi a daidai hoton da baki ya haɗu da ƙoƙo.