Faɗi Sunan Aikin, Faɗi Kuɗinsa

Irin sanarwar da ke yawo a wayoyinmu kusan kullum ba ta wuce layi uku: "Wani babban kamfani yana neman manaja cikin gaggawa. Albashi mai tsoka. Mai sha'awa ya turo takardunsa." Wanda ya rubuta yana ganin ya taƙaita magana, ya kuma rufa wa kansa asiri. Kafin kwana biyu saƙonni sun cika masa waya, daga mai digiri na biyu har yaron da ya gama sakandare bara, kuma a cikinsu da wuya ya sami wanda yake nema. Laifin ba na gajartar sanarwar ba ne. Abubuwa biyu da ya kamata su tace masa mutane, wato sunan aikin da adadin albashin, su ne ya ɓoye.

Sanarwar aiki rariya ce. Amfaninta ta rage yawan masu zuwa, ta bar waɗanda aikin ya dace da su kuma kuɗin ya yi musu. In aka yi mata manyan ƙofofi, kowa zai wuce, tacewar kuma ta dawo kan mai aikin, ya yi ta da bakinsa, mutum ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauki misali. A ce wani ɗan kasuwa a Singa, cikin Kano, yana sarin kayan masarufi, yana da sito guda da motar raba kaya. Abin da ke damunsa shi ne kaya suna shiga suna fita ba tare da rubutu mai kyau ba. Yana son wanda zai tsaya a bakin sito, ya ƙirga katan-katan idan an sauke, ya rubuta abin da aka loda, ya kawo masa lissafi da yamma. Sunan wannan aiki mai kula da sito. Amma da ya zo rubuta sanarwa sai ya ga sunan bai da armashi, ya sa manaja.

Wanda ya karanta manaja yana hango ofis da kujera, da yara a ƙarƙashinsa, da ikon yanke hukunci. Don haka masu irin wannan buri ne za su zo. Za a zauna da su, a yi gaisuwa, a duba takardu, sannan a nuna musu benci a bakin sito da littafin rajista. Wasu za su tashi nan take. Wanda matsi ya sa ya karɓa zai zauna ne da ƙafa ɗaya a waje, yana neman wani wurin tun daga makon farko. Shi kuwa saurayin da ya shekara uku yana wannan aikin a wani shago, wanda ya san yadda ake jera kaya don tsoho ya riga sabo fita, kuma yana gane katan ɗin da aka fasa aka sake liƙewa, ba zai ma turo saƙo ba, domin ya ɗauka ba da irinsa ake ba. Kumbura suna yana jawo wanda bai dace ba, yana kuma korar wanda ya dace, kuma asarar ta biyu ita ce mai aikin ba ya taɓa gani.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda ake tara ayyuka uku a ƙarƙashin suna ɗaya mai sauƙi. A ce sakatariya, alhali ita ce kashiya, ita ce mai shara, ita ce ake aika banki. A ce direba, alhali shi zai yi lodi ya kuma sauke. In aikin haɗe yake, a faɗa cikin jimla guda: direban motar raba kaya, yana taimakawa wajen lodi. Mai ciwon baya ya san ba nasa ba ne. Gwajin suna mai kyau ba shi da wahala: a karanta wa wanda ke cikin sana'ar, a tambaye shi me yake ganin mai wannan suna zai wuni yana yi. In amsarsa ta saɓa da abin da ke ran mai aikin, sunan ne ba daidai ba.

Maganar kuɗi ta fi nauyi, don mu mutane ne masu kunyar ambaton lada. Mai nema yana jin in ya tambaya tun farko za a ce kwaɗayi ne ya kawo shi. Mai aiki kuma ya fake da "za mu daidaita" ko "ba za ka yi kuka ba". Haka ake yin wata guda cur kowa da adadin da ya ƙudurta a zuciyarsa, sai ranar biya a gane ashe ba a taɓa yin ciniki ba. A kasuwa ba wanda zai ɗauki buhun shinkafa a kan "ba za ka yi kuka ba", amma ana ɗaukar wata guda na rayuwar mutum a kan haka.

Faɗin adadi kaɗai ma bai wadatar ba sai an ce wane adadi ne. Akwai albashin da ke kan takarda, akwai wanda ke shiga hannu. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 a Najeriya, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki kuma ya zuba kashi 10, ana lissafa su a kan gundarin albashi da kuɗin gida da na sufuri. In albashin naira 100,000 ne kuma duka ya ƙunshi waɗannan ukun, naira 8,000 ta tafi asusun fansho tun kafin a zo maganar haraji. Kuɗin ma'aikacin ne, ba sata aka yi masa ba, amma ba zai sayi masara da su a wannan watan ba. Ƙaramin shago da ba ya cire komai sai ya ce 90,000 a hannu. Kamfanin da ke cirewa ya ce 100,000 kafin cire fansho da haraji. Kalmomi huɗu ko biyar ne, amma suna kashe rigimar ƙarshen wata.

Mai nema yana da nasa lissafin da mai aiki ba ya gani, kuma adadin ne ke ba shi damar yin sa. A ce yana zaune nesa da kasuwar, kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa naira 1,000 kullum. Kwana 26 na aiki sun cinye 26,000. In albashin 90,000 ne, abin da ya rage masa 64,000, ban da abincin rana. Shi ya san ko wannan zai riƙe gidansa. In ba zai riƙe ba, gara ya gane tun yana kan tabarmarsa da waya a hannu, kafin ya kashe kuɗin mota da na hoton takardu. Shi ya sa unguwar da aikin yake da lokutan aiki suke cikin maganar albashi, ba ƙari ba ne.

Inda aka fi yaudara shi ne aikin talla, da kalmar nan "har zuwa". Sanarwa ta ce za ka iya samun har zuwa 200,000 a wata. Da an zauna sai a ji gundarin albashin 40,000 ne, sauran kamasho ne na kashi 2 cikin ɗari a kan abin da ka sayar. Yi lissafin: kafin kamashon ya kai 160,000 da zai cike 200,000 ɗin, sai ka sayar da kayan naira miliyan 8 a wata ɗaya. Mai yiwuwa wani gwani ya taɓa yi, amma ba shi ne abin da sabon shiga zai gani ba. Sanarwa ta gaskiya za ta raba biyun: tabbatacce 40,000, da kamasho kashi 2. Wanda ya yarda da bakinsa da ƙafarsa zai zo, kuma shi ake nema. Haka malamin makarantar kuɗi yana da haƙƙin sanin ko ana biya lokacin hutu, domin albashin da ake biya wata tara ba ɗaya yake da wanda ake biya wata goma sha biyu ba, ko da adadin wata iri ɗaya ne.

In kuɗin ya danganta da ƙwarewa, a ba da iyaka biyu masu kusa da juna, a kuma faɗi abin da ke raba su: 80,000 ga sabon hannu, 100,000 ga wanda ya shekara biyu yana aikin. Amma 50,000 zuwa 300,000 ba iyaka ba ce, ɓoyewa ce da lambobi.

Masu aiki suna da hujjojinsu na yin shiru, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi ƙarfi ita ce tsofaffin ma'aikata za su ga adadin. In wanda ya shekara biyar yana karɓar 75,000 ya ga ana neman sabo a kan 90,000, za a yi ƙorafi. Gaskiya ne. Sai dai shirun ba ya hana shi sani, jinkirta shi kawai yake yi, domin masu cin abinci a kwano ɗaya ba sa wata biyu ba su san albashin juna ba. Gyaran yana cikin gida, kafin a fitar da sanarwa. Hujja ta biyu, wadda ba a cika furtawa ba, ita ce kuɗin ya yi kaɗan har ana jin nauyin rubuta shi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024, daga 30,000 na 2019, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin kamasho. Saboda haka ƙaramin shago da ke biyan 50,000 bai karya doka ba. To ya rubuta 50,000 ɗin, ya ƙara abin da ke tare da shi in akwai, kamar abincin rana ko ɗakin kwana. Akwai wanda wannan ya yi masa, musamman na kusa da ba ya hawa mota. A wasu wurare ma an daina barin abin ga zaɓin mai aiki: birnin New York ya wajabta rubuta iyakar albashi a sanarwa tun 2022. Mu dokar ƙwadagonmu ta tsaya ne a kan a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, wato bayan ya riga ya shiga.

Ga yadda sanarwar ɗan kasuwar Singa za ta kasance in an gyara ta: "Ana neman mai kula da sito a shagon sarin kayan masarufi, kasuwar Singa, Kano. Aikin: ƙirga kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, da rubuta su kullum. Litinin zuwa Asabar, 8 na safe zuwa 6 na yamma. Albashi 80,000 zuwa 100,000 a hannu, gwargwadon ƙwarewa, ana biya ƙarshen wata, da abincin rana. Sai wanda ya iya rubutu da lissafi, kuma yana da mai tsaya masa. Ba a biyan ko sisi don neman aikin. Za a rufe karɓa ranar Alhamis." Ba ta kai kalma casa'in ba, tana shiga fuskar waya ɗaya, kuma ko an tura ta hannu goma ba ta buƙatar mai fassara.

Layin da ya ce ba a biyan ko sisi yana da aikinsa. 'Yan damfara sun saba da sanarwa mai babban suna da albashi marar adadi, sannan su nemi kuɗin fom ko na horo. Sanarwar gaskiya da ta ɓoye suna da kuɗi tana kama da tasu, har mai hankali ya tsallake ta.

Bayan an fitar, saƙonnin da suka shigo su ne za su nuna ko ta yi aiki. In tambayar farko da kowa ke yi ita ce "nawa ne?" ko "wane irin aiki ne?", sanarwar ba ta faɗi komai ba. In masu zuwa sun fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba, sunan ya kumbura. In kuwa an rubuta komai dalla-dalla, kwana biyar suka wuce ba wanda ya iya aikin da ya leƙo, to kuɗin ne ya gaza abin da ake biya a maƙwabta, sai a ƙara shi ko a rage nauyin aikin.