Atisaye Biyu a Rana Guda: Yadda 'Yan Tseren Norway Ke Kama Kansu

Idan ɗan tsere ya ƙara wuta, wani sinadari mai suna laktet yakan ƙaru a jininsa. Muddin gudun bai wuce wata iyaka ba, jiki na kwashe shi yadda yake zuwa. Da an ƙetare iyakar, sai ya fara taruwa, numfashi ya sarƙe, ƙafa ta yi nauyi. Marius Bakken, ɗan tseren Norway da ya koma likita, shi ya daɗe yana gwaji har ya gano cewa mai tsayawa ƙasa da iyakar kaɗan zai iya atisaye mai yawa ba tare da ya karya kansa ba, har sau biyu a rana. Gidan Ingebrigtsen suka ɗauki tsarin, kuma da shi Jakob ya ci zinaren Olamfik a 2021 da 2024.

A lokacin gina jiki, Talata da Alhamis ne ranakun biyu-biyu. Da safe gudun minti 6 sau 5, laktet kusan milimol 2.5. Da yamma gudun mita 400 sau 20 zuwa 25, ko mita 1000 sau 10, bai wuce 3.5 ba. Tsakanin zagaye ana ɗigo jini daga yatsa ko kunne a auna. Asabar ta hawan tudu ce, sauran ranakun kuwa sassarfa kawai.

Amfanin raba aikin shi ne, awa guda ta irin wannan gudu a tashi ɗaya tana cin tsoka da jijiya, amma rabin awa safe, rabin awa yamma, da abinci da hutun awa 6 zuwa 8 a tsakani, jiki na ɗauka. Sai dai a nan mutane ke faɗawa rami. Gudun safe yana zuwa da sauƙi, zuciya ta raya wa mutum ya ƙara kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ne ke mai da ranar tsere biyu, Alhamis ta iske shi bai farfaɗo ba. Wanda ba shi da na'urar awo, ya gama kowane atisaye yana jin zai iya ƙara zagaye biyu ko uku.

Kada a manta Jakob na yin kusan kilomita 180 a mako, gudun iyakar kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Mai kilomita 80 bai da abin da zai raba. Atisaye ɗaya-ɗaya sau 2 ko 3 a mako ya ishe shi. Wanda ya haura 120 ya fara da rana guda a mako, ya yi makonni a haka, kuma idan ya ƙara ta biyu ya bar awa 48 a tsakani.

Idan barci ya lalace, ko bugun zuciya ya hau a gudun da aka saba, ko jijiyar agara ta ƙage da safe, a soke na yamma. Jakob kansa ciwon agara ya cinye masa yawancin kakar 2025.