Kare ko Kyanwa a Ɗaki Biyu da Falo: Abin da Zafin Kalgo Ya Yarda da Shi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin ya kasance a gefen Kalgo, kan hanyar Bunza, salon gidajen haya ya fara sauyawa a garin. Ana samun ɗaki da falo, ko ɗaki biyu da falo, da kicin da banɗaki duk a ciki, babu tsakar gida babu zaure. Daga cikin masu zama irin waɗannan gidaje akwai wanda kaɗaici ko ɓera ko tsoron ɓarawo kan sa ya yi sha'awar ajiye dabba, alhali bai taɓa kiwonta ba. Mafi yawa a waya ake ganin hoton, a ga gashi lallausa da ido dara-dara, a tura kuɗi. Ni a ganina kyau shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Kafin shi akwai kuzarin dabbar, da irin gashinta, da girman da za ta kai, kuma a nan ƙasar tamu zafin bazara ne ke yanke hukunci a kan duka ukun.

A ɗauki ma'aikaci mai fita ƙarfe takwas na safe ya dawo ƙarfe huɗu, gidansa ɗaki biyu da falo, fanka ce kawai, wuta kuma ba ta da tabbas. An yi masa tayin kwikwiyon Jaman Shefad, wanda wasu ke kira karen 'yan sanda. A wata biyu abin sha'awa ne, ana ɗaukarsa a hannu ɗaya. Amma namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40, kuma asalinsa karen kiwon tumaki ne da aka tsara ya yini yana aiki. Yana bukatar kamar awa biyu na motsa jiki a kullum. Idan bai samu ba, kuzarin ba ya ɓacewa, sai dai ya fita ta wata hanya: ya tauna kujera, ya kankare ƙofa, ya yi ta haushi har maƙwabta su kai ƙara wurin mai gida. To, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yaushe za a samu awa biyun? Bayan asuba ne da bayan magariba kaɗai, domin da rana kwalta da yashi na iya ƙona tafin ƙafarsa. Wanda ba zai iya riƙe wannan a kowace rana ta Allah ba, kada ya fara.

Kada kuma a ɗauka karen gida ne mafita don ya saba da rana. Ya saba, gashinsa gajere ne, yana da juriya, amma jinin farauta da yawo ne a jikinsa. Haka ɗan'uwansa Azawak na makiyayan Nijar da Mali, siriri mai dogayen ƙafafu, gudu ne rayuwarsa. Kulle irinsu a falo zalunci ne.

Batun gashi ne aka fi yin kuskure a kansa. Tsawon gashi daban, zubarsa daban. Jaman Shefad, da Kokeshiyan, da farin karen nan mai yawan gashi da ake sayarwa da sunan Eskimo, duk gashinsu hawa biyu ne: na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga, wanda aka yi don ƙasashen sanyi. Na ƙasan ne ke zuba, ya bi darduma da tufafi da abinci. Abin da ya fi shara muni shi ne zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 ransa na cikin haɗari. Alamun su ne haki ba tsayawa, yawu mai kauri, dasashi ya yi jawur, sai tangaɗi. A wannan hali a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a sa shi gaban iska, a nemi likitan dabbobi nan take. Mutumin namu kuwa yana ofis lokacin da aka ɗauke wuta ƙarfe biyu na rana, ɗaki a rufe.

Lasa Afso labarinsa dabam ne. Bai fi kilo 6 zuwa 8 ba, tafiyar minti 20 safe da yamma ta ishe shi, kuma gashinsa ba ya yawan zuba ƙasa. Sai dai wanda ya tsinke yana maƙalewa cikin sauran, ya dunƙule, ƙarƙashinsa kaska ta ɓuya. Dole a taje shi kusan kullum, ko a rage gashin duk bayan mako 6 zuwa 8, wanda a zafin nan shi ya fi. Kuma a sani cewa a Tibet aikinsa gadi ne a cikin gida, don haka yana da haushi. Ƙanƙantar jiki ba ta nufin shiru.

Akwai abin da ya wajaba a faɗa kafin a sayi kowane kare. Mutanen ƙasar Gwandu mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma abin da aka karanta a Risala shi ne kare na kiwo ne da farauta, ba na ajiyewa cikin ɗaki ba. Mai niyya ya tambayi malaminsa, ya tambayi mai gidan, ya kuma ji ta bakin maƙwabcin da suke haɗa ƙofa.

Shi ya sa ga mutumin namu nake ganin kyanwa ta fi, kuma kyanwar gida mai gajeren gashi, ba 'yar Fasha ba. Kyanwar Fasha tana da natsuwa, amma hancinta a lotse yake, numfashi na yi mata wuya a zafi, idonta na yawan hawaye, gashinta na neman mataji kullum, ga ciwon ƙoda na gado da aka san jinsin da shi. Ta gida kuwa kilo 3 zuwa 4 ce, tana barcin awa 12 zuwa 16 a yini, tana gyara jikinta da kanta. Wasan minti goma sau biyu da tsumma a bakin igiya ya wadatar, tare da wuri mai tudu kusa da taga da guntun itace na wasa farce. A ajiye mata faranti mai zurfi da yashi, a kwashe kashin kullum. Mai asma ko yawan atishawa ya lura: abin da ke tayar masa yana cikin yawu da fatar dabbar, don haka babu jinsin da ya kuɓuta gaba ɗaya. Ya zauna kusa da ita na ɗan lokaci kafin ya ɗauka.

Ranar zaɓe, a nemi ganin uwar, da uban in zai yiwu, domin girmansu da halinsu su ne madubin ɗan. A buɗa gashin da yatsu a ga ko akwai na ƙasa mai laushi, a shafa da jiƙaƙƙen hannu a ga abin da ya manne, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Kada a raba ɗa da uwa kafin mako 8. Wanda bai taɓa kiwo ba ya fi samun sauƙi da dabbar da ta shekara, don girmanta da halinta sun riga sun bayyana. Allurar ciwon haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke sarrafawa, ana fara ta ne a wata 3, a maimaita duk shekara, kuma kyanwa ma tana bukatar irin tata. Kafin wata 6 a kai kyanwar wurin likita ya yi fiɗiya, in ba haka ba namiji zai riƙa fesa fitsari a bango, tamata kuma ta hana gidan barci da kuka duk lokacin da take neman namiji.