Neman Sassaucin Aiki Bayan Ciwon Baya

Sassaucin aiki yarjejeniya ce ta ɗan lokaci tsakanin ma'aikaci da mai aiki, inda ake rage wa wanda ya ji ciwo nauyin da yake ɗauka, ko a sauya masa aiki, ko a gyara masa lokacin zuwa da na tashi, har jikinsa ya koma daidai. A yankin Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, mutane da yawa da bayansu suke ci. Akwai 'yan dakon albasa, akwai masu lodin simintin Malbaza, ga leburorin gini da direbobin manyan motoci. Buhun siminti kilo hamsin ne. Buhun albasa idan an cika shi an ɗinke, yakan haura kilo ɗari. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi shi kaɗai ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, kuma wannan ma iyaka ce ta mai lafiya.

Abin takaici shi ne wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, wai wanda baya ya kama hanya biyu kawai gare shi: ko ya kwanta sai ya warke sarai, ko ya daure ya yi aiki kamar kowa. Wanda ya buɗe baki ya nemi a rage masa, sai a ce raggo ne, ko a ce ya tona wa kansa asiri, gobe maigida zai sa wani a gurbinsa. Wannan magana ta nakasa magidanta da dama, kuma kowane ɓangarenta kuskure ne.

A fara da kwanciya. Mafi yawan ciwon baya da ke zuwa bayan ɗaga kaya daga naman baya da jijiyoyin da ke riƙe ƙashi yake, ba karaya ba ce, kuma yawancinsa yakan yi sauƙi sosai cikin mako shida. Likitoci sun daɗe da barin shawarar doguwar kwanciya. Kwana ɗaya ko biyu na hutu lokacin da zafin ya tsananta ba laifi, amma wanda ya shafe mako uku kan tabarma naman bayansa yakan saki, gaɓoɓinsa su sandare, tsoron motsi ya shige shi. Ranar da ya tashi, bayan ya fi rauni kan ranar da ya kwanta, ga bashi ya taru, ga gurbinsa wani ya shiga. An kuma lura cewa gwargwadon daɗewar mutum bai koma aiki ba, gwargwadon wuyar komawarsa.

Dauriyar kuwa ta fi muni, don da ƙwaya ake yin ta. Saurayi zai haɗiyi tiramol da sassafe, ya bi da shayi, ya shiga ƙarƙashin buhu. Ƙwayar ba ta gyara komai a bayan ba, zafin da ke gaya masa ya dakata kawai ta kashe. A lissafa abin da yake ɗora wa wurin da ya ji ciwo: motar tan talatin buhu 600 ne na siminti, idan mutum goma suka raba, kowa buhu sittin, wato tan uku a kan ƙugu ɗaya, kowane buhu da sunkuyawarsa da murɗawarsa. Wasu kuma magungunan kashe zafi na tebur suke sha kullum da cikin wofi, irin su dikilofenak, har gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya biyo baya. Sannan mai ɓoye ciwo ya cuci abokan aikinsa, domin idan baya ya riƙe shi yana saman mota da buhu a ka, na ƙasa buhun zai faɗa wa. Ɓoyon ma ba ya ɗorewa. Maigidan da ba a gaya wa ba zai ga aiki ya ragu, sai ya ɗauka lalaci ne, wato sunan da aka gudu shi aka samu, kuma babu takardar da za ta kare mutum.

Kafin a yi zancen sassauci, sai an tabbata ciwon ba na gaggawa ba ne. Idan ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, ko matsematsi ya dushe ba a jin taɓawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba sani, wannan asibiti ake nufa a ranar, ko ta Birnin Ƙonni ko ta Galmi. Haka wanda ya faɗo daga saman mota, da wanda ciwon ke tare da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya. Irin waɗannan ba a kai su wurin mai ɗori ko mai sakiya.

Ga ma'aikacin da ke da kwantaragi, dokar aiki ta Nijar, wadda aka sabunta a 2012, tana gefensa. Ciwon da aka ji a bakin aiki hatsarin aiki ne, kuma wajibi ne mai aiki ya sanar da hukuma cikin awa 48, domin asusun CNSS ya ɗauki nauyin magani da diyyar kwanakin da ba a yi aiki ba. Saboda haka matakin farko shi ne a faɗa wa shugaban aiki a ranar da abin ya faru, a gaban shaidu, a ga an rubuta. Wanda ya yi shiru mako biyu sannan ya zo, za a tambaye shi ta yaya aka san ba a gonarsa ya ji ciwon ba.

Mataki na biyu takardar likita ce, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Yawanci abin da ake karɓowa shi ne «hutun kwana bakwai», shi ke nan. Irin wannan takarda ba ta faɗi abin da zai faru rana ta takwas ba. Abin da ya kamata a roƙi likita ya rubuta shi ne iyakoki: kilo nawa mutum zai iya ɗagawa, ko an hana shi sunkuyawa da murɗa ƙugu, minti nawa zai zauna ko ya tsaya kafin ya motsa, da ranar da za a sake duba shi. Likita ba zai iya rubuta wannan ba sai an kwatanta masa aikin filla-filla. «Lebura ne ni» bai isa ba. A ce masa buhu nawa a yini, daga ƙasa ake ɗauka ko daga bakin mota.

A ɗauki misalin wani mai lodi a wani shagon siminti, wanda baya ya riƙe yana sauke kaya. Ya huta kwana uku, likita ya ce babu alamar hatsari. Maimakon ya je da kuka, sai ya je da tsari. Mako biyun farko ba zai ɗaga abin da ya wuce kilo biyar ba, zai tsaya bakin mota yana ƙirga buhu yana rubutawa, rabin yini. Mako na uku da na huɗu zai yi cikakken yini, ya ƙara da shara da tura baro maras nauyi, iyakarsa kilo goma. Mako na biyar da na shida zai koma ɗaukar siminti amma su biyu kan buhu, kilo 25 ke nan kowa, kuma daga bakin mota, ba daga ƙasa ba. Daga nan a koma wurin likita. Waɗannan alƙaluma misali ne, na kowane mutum likitansa ke yankewa. Maganarsa ga maigida kuwa gajeriya ce: «Alhaji, ranka ya daɗe, ga takardar likita. Aikin nake so, ba hutu na zo nema ba. Ƙirga da rubutu zan iya tun gobe, buhu kuwa a ba ni mako shida, ranar kaza a sake dubawa.» Abin da mai aiki ke tsoro shi ne sassaucin da ba shi da ranar ƙarewa. Idan ya ji wa'adi, ya kuma ga aikin da aka ambata aiki ne da dama sai an biya wani ya yi, zuciyarsa takan sauko.

Ba kowane aiki mai kama da sauƙi ne ke da sauƙi ga baya ba. Tsintar albasa a zaune a ƙasa, ana duƙe tun safe har azahar, ta fi tafiya da ƙaramin kaya gajiyar da ƙugu. Gadi na dare kan benci, da tuƙin mota mai jijjiga a hanya mai ramuka, su ma haka. Aikin da ya dace shi ne wanda ke barin mutum ya sauya zama da tsayuwa da tafiya, kamar kowane rabin awa. Gyaran lokaci ma a nemi wanda ke da dalili: baya yakan sandare da asuba, don haka fara aiki ƙarfe tara a tashi a makare ya fi wa wasu, wanda ke zuwa daga ƙauye bisa kabu-kabu yana iya neman kwana uku a mako da farko, don rage jijjigar hanya. A kuma yanke zancen kuɗi tun ranar farko, ko albashi zai tsaya yadda yake ko zai ragu, a rubuta a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya.

Alamar cewa tsarin na tafiya ita ce ciwon da aiki ya tayar ya lafa kafin wayewar gari. Idan ya kwana ya wuni, an yi gaggawa, sai a koma matakin baya na 'yan kwanaki. Idan kuwa zafi ya fara sauka ƙafa har ƙasan gwiwa, a tsaya a koma asibiti. Matsalar da aka fi gani ita ce ranar da mota uku suka iso tare, a ce «taimaka mana da wannan kaɗai». Daga buhu ɗaya ake komawa sittin.

Idan mai aiki ya ƙi sauraro ko ya yi barazanar kora, ana bi ta wakilin ma'aikata ko sandika, in ba a daidaita ba a kai ga sufeton ƙwadago, wanda ke kiran ɓangarorin biyu sulhu kafin zancen kotu.

Sai dai mafi yawan 'yan dakon kasuwar albasa ba su da kwantaragi ko lambar CNSS, kuɗin buhu ake biyan su. Su wurin shugaban 'yan dako ake kai maganar, kuma tsarin bai sauya ba: a faɗi abin da za a iya, a faɗi wa'adi. Akwai riƙe bakin buhu, akwai ɗinki a tsaye, da sa alamar mai kaya, da ƙirga wa dillali. Inda 'yan ƙungiya ke tara kuɗin lodi su raba da yamma, ana iya shiryawa a ba mai ciwo rabin kaso na makonnin da aka ambata, bisa sharaɗin haka za a yi wa duk wanda abin ya faɗa wa a cikinsu.