Idan Ambaliya Ta Sauya Lissafin Bincike a Garwa

Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin magani da ba a yi masa rajista ba kafin a fara ɗibar marasa lafiya. A Afirka akwai rumbun PACTR da ke Afirka ta Kudu, inda mai bincike ke rubuta tun da wuri abin da zai auna. Masu ba da kuɗi kuma sukan nemi tsarin lissafin gaba ɗaya a rubuce: wa zai shiga ƙidaya, wa za a cire. Abin da ke yaɗuwa yanzu shi ne sakin layi guda a cikin rahoto, wanda ke faɗin inda aka kauce wa wannan tsari da dalilin kaucewar.

Ɓarnar da aka gani ce ta jawo shi. A 2004 An-Wen Chan da abokan aikinsa suka gwada takardun tsarin gwaje-gwajen Danmak da abin da aka buga daga baya, suka tarar a kashi 62 cikin ɗari an sauya babban ma'auni, ko an ƙaro wani, ko an yar da shi. Aikin COMPare na Ben Goldacre ya bi gwaje-gwaje 67 a manyan mujallu biyar daga ƙarshen 2015, 9 kacal suka kawo rahoto daidai da alkawarinsu. Wanda ya gwada lissafi iri ashirin galibi ba ya rasa ɗaya da zai yi masa daɗi, ko da maganin bai yi komai ba.

A arewacin Kamaru kuwa, mai gaskiya ma sai ya kauce. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, lokacin da Binuwai ke cika, hanyoyi su yanke. An ga ambaliyar 2012 a yankin Lagdo, an ga ta 2024 a Yagwa, ga rikicin Boko Haram da ya hana shiga wasu ƙauyukan Mayo-Sava.

A ce wata tawaga a Garwa ta yi rajistar cewa za ta gwada sabuwar hanyar rabon maganin a ƙananan asibitoci 24, rabi sabuwar hanya, rabi tsohuwa, ma'auninta yawan yaran da gwajin jini ya tabbatar da zazzaɓinsu daga Yuli zuwa Oktoba. A Satumba ruwa ya ci littattafan rajista na asibitoci 3, biyu daga cikinsu a ɓangaren sabuwar hanya. Ga yadda sakin layin ya kamata ya fito:

"Tsarinmu ya ce asibitoci 24. Mun yi lissafi da 21, domin ruwa ya lalata littattafan asibitoci uku a Satumba, biyu a ɓangaren sabuwar hanya, ɗaya a na tsohuwa. Shugabar bincike da mai lissafi ne suka yanke shawarar a Nuwamba, kafin a buɗe alƙaluma ɓangare-ɓangare. Da 21, zazzaɓi ya ragu da kashi 18 cikin ɗari. Da 24, a watannin Yuli da Agusta kaɗai, ya ragu da kashi 11. Binciken bambancin maza da mata ba ya cikin tsari, laluben hanya ne."

Jumlar da ta fi nauyi ita ce ta lokaci. Cire asibiti kafin a ga sakamako larura ce. Cire shi bayan an gani yana iya zama zaɓen abin da rai ke so, ko da mai yin bai ankara ba. Lambobin biyu kuma suna tona wani abu: ƙauyen da ruwa ke ci shi ne mai yawan sauro, don haka fitar da biyu irinsa daga ɓangare guda na iya ƙawata sakamako. Jami'in lafiya da ya ga 18 da 11 a jere ya san kada ya gina kasafin kuɗi a kan 18.

Amfanin a bayyane yake, amma ina ganin raunin al'adar a wuri biyu. Na farko, sakin layin shaidar mutum ce a kan kansa. Hanyar tantance shi ita ce a buɗe tarihin sauye-sauyen rajistar a rumbu irin su ClinicalTrials.gov, inda kowane gyara ke da kwanan wata. Ma'aunin da aka gyara bayan an gama tattara bayanai abin tuhuma ne. Na biyun ya fi damuna. Sau da yawa a Yawunde ko a Turai ake rubuta rahoto, alhali malamin asibitin da ya san ranar da kayan gwajin jini suka ƙare yana Pitowa ko Ngong. In ba a ajiye littafin kauce-kauce a wurin aiki ba, ana rubuta rana da dalili da sunan wanda ya yanke shawara nan take, bayan shekara biyu abin da zai shiga takarda bai wuce "saboda matsalolin aiki" ba, jumlar da mai karatu ba zai iya auna komai da ita ba.