Jirgi ya tashi, riɗi na ƙasa: me za ka rubuta wa mai saye?

A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau, Kano, ya yi ciniki da wani kamfani a Mersin ta ƙasar Turkiyya kan kwantena ɗaya ta riɗi, tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50. An yi alkawari jirgin ruwa zai ɗauki kayan daga Apapa ranar 5 ga Maris. Sai aka makara wajen tankaɗe da ɗinkin buhu, tirela ta bar Kano a ƙurarren lokaci, ga tafiyar kilomita kusan 1,000. Kafin ta iso, an rufe karɓar kaya, domin kamfanonin jiragen ruwa kan rufe kwanaki kaɗan kafin jirgi ya tashi.

Abin da da yawa ke yi a nan shi ne shiru, ana jiran a ga ko za a dace. Wannan shirun ya fi makarar illa. Mai saye yana iya bin sawun jirgin daga ofishinsa, kuma in shi ya fara gano cewa kayansa na ƙasa, duk abin da ka rubuta daga baya zai ɗauke shi kame-kame. Saboda haka imel ɗin ya fita a ranar. Sai dai kafin ka zauna rubutu, kira wakilinka na tasha ka samo gurbi a jirgi na gaba, a rubuce. In ba a samu ba tukuna, ka faɗi hakan, ka sa ranar da za ka kawo amsa.

Da Turanci akan rubuta irin wannan wasiƙa, amma ga yadda ma'anarta za ta kasance:

"Ranka ya daɗe, kwantenar riɗinku mai tan 19 ba ta shiga jirgin 5 ga Maris ba. Mun makara wajen lodi a Kano, kaya suka iso bayan an rufe karɓa. Laifin namu ne, muna neman afuwa. Kwantenar tana Legas a rufe da hatiminta, ga hotuna. Mun sami gurbi a jirgin 14 ga Maris, takardar tabbaci tana haɗe. Kuɗin ajiya da na sauya jirgi mu za mu biya. Zan aiko muku da labari ranar da kwantenar ta shiga tasha, da kwafin takardar shaidar lodi da zarar ta fito. Muna roƙon ku nemi bankinku ya ɗage ranar ƙarshe ta lodi zuwa 21 ga Maris."

Neman afuwar jimla ɗaya ce tak. Mu Hausawa mun saba da doguwar gaisuwa da rantse-rantse, kuma a gaban mutum suna da amfaninsu, amma mai masana'anta da ke jiran riɗi ya niƙa kwanan wata yake nema, don ya san me zai gaya wa nasa abokan cinikin. Direba ma bai shigo zancen ba, ko da motarsa ta tsaya a hanya. Kai ka ɗauke shi aiki, kuma da kai aka yi ciniki.

Jimlar ƙarshe ita ce wadda sababbin 'yan kasuwa suka fi mantawa. In ta takardar lamunin banki za a biya ka, to akwai ranar ƙarshe ta lodi a jikinta, kuma banki takardu yake dubawa, ba uzuri ba. Takardar shaidar lodi da ta wuce wannan rana ta saɓa wa sharaɗi, banki na iya ƙin biya sai in mai saye ya yarda ya ɗauke kai. Shi ne kuma zai nemi gyaran daga bankinsa. Shi ya sa aka roƙi 21 ga wata alhali jirgi na 14 ne: jirage na sauya jadawali, kuma neman gyara karo na biyu abin kunya ne, ga caji. A duba ranar ƙarewar takardar ma, a nemi a ɗaga ta tare.

Wani tarko kuma shi ne zafin kunya ya sa ka rubuta cewa za ka biya duk asarar da aka yi. Kada ka yi. Imel shaida ne, kuma "duk asara" ba ta da bakin iyaka. Ambaci abin da za ka ɗauka da sunansa, bayan ka sake karanta abin da yarjejeniyarku ta ce kan jinkiri. In mai saye ya nemi ragi, wannan zama ne na daban.

Bayan ka aika, ɗauki waya ka kira shi. In ranar da ka yi alkawarin labari ta zo, ka rubuta masa ko da babu abin da ya sauya.